Darasi: Kukan Injin Wanki da Abin da Kowane Kuka Yake Nufi

Mai injin niƙa a kasuwar Sabon Birni ba ya jiran hayaƙi ya tashi kafin ya san injinsa ya samu matsala. Yana tsaye yana zuba gero, sai ka ga ya karkata kai, ya kashe inji, ya ce bel ne ya saki. Ɗan kabu-kabu ma daga ƙarar ƙafar baya yake gane boris ya fara ci. Kunnen nan da yawancinmu muke da shi a kan injin niƙa da babur, shi za mu ɗauko yau mu kai wa injin wanki, domin kayan cikinsu 'yan gida ɗaya ne: moto, bel, boris, sifirin da birki.

Dalilin koyon wannan a Isa da Sabon Birni a fili yake. Masu gyaran injin wanki da masu sayar da kayansa sun fi yawa a birnin Sakkwato, wasu kuma sai an tsallaka Maraɗi. Ɗora inji a mota, a bi ta Goronyo ko ta Marnona, kuɗi ne da yini guda, ga kuma halin da hanyoyinmu suke ciki. Abin takaici ne mutum ya yi wannan tafiya a ƙarshe a ce masa tsakuwa ce ta maƙale. Ya fi wannan ciwo a ci gaba da wanki da injin da ke neman a tsayar da shi, har ƙaramin gyara ya zama asarar inji gaba ɗaya.

Iri biyu da muke gani

Wanda ya fi yawa a gidajenmu da shagunan wanki da guga shi ne mai tukunya biyu. Tukunya ɗaya ta wanki ce, da wani faifai a gindinta mai juya ruwa dama da hagu. Moto ne a ƙasa yake jan faifan ta hanyar bel da ɗan ƙaramin giyabos. Ɗaya tukunyar ta matsar ruwa ce, tana zaune kai tsaye a kan nata moto, wanda aka ɗora a kan sifirin, galibi guda uku, kuma tana da birki da ke kama ta da zarar an ɗaga murfi. Shi wannan inji da bokiti ake zuba masa ruwa, shi ya sa ya dace da garin da ruwan famfo ba kullum ba.

Na biyu shi ne mai ƙofa a gaba, wanda yake wanki da ɗauraya da matsa shi kaɗai. Gangarsa a kwance take cikin wata babbar tukunya, an rataye tukunyar da sifirin daga sama, an tokare ta da shakazoba daga ƙasa, an kuma ɗaura mata dunƙulen kankare don ya rage mata rawa. Da yawa daga cikin irinsa da ke zuwa mana na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa.

Kafin ka tambayi wane irin kuka inji yake yi, fara da tambayar yaushe yake yin sa. Lokacin wanki ne, sa'ad da faifai ko ganga ke juyawa a hankali? Lokacin zubar da ruwa ne? Ko sai an zo matsa, da gudu ya kai ƙarshe? Kowane lokaci da ɓangaren da yake aiki a cikinsa, don haka lokacin kukan yakan nuna maka wurin da za ka duba tun ba ka ɗauko sukuddireba ba.

Bugu: dim, dim, dim

Bugu ne ya fi firgita mutane. Inji ya dinga dukan jikinsa, yana tafiya a tsakar gida kamar zai kifa, yara su watse. Amma a mafi yawan lokuta wannan shi ne kukan da ba ya cin ko sisi, domin laifin na yadda aka zuba kaya ne.

Ga abin da ke faruwa. Tufa idan ta sha ruwa nauyinta yakan ninka, kuma babbar riga ta shadda ko bargon sanyi kan dunƙule su koma gefe guda. Lokacin matsa, ganga tana juyawa sau 1,000 ko fiye a minti ɗaya. Mu ɗauka faɗin gangar santimita 40 ne, kuma gefe ɗaya ya fi ɗayan nauyi da rabin kilo kacal. A wannan gudu, rabin kilon nan yana fizgar ganga da ƙarfin da ya kai na nauyin kilo 110, wato ya zarce babban buhun gero, kuma fizgar tana zagayawa sau goma sha shida ko fiye a kowace daƙiƙa. In gudun ya ninka, fizgar sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa injin da ya yi wanki shiru yake haukacewa da an zo matsa.

Maganinsa a mai tukunya biyu shi ne a kashe, a jira tukunya ta tsaya cak, a fito da kayan, a sake shirya su. Masu nauyi su fara shiga, a zagaya su a gindi, a danna su da hannu su kwanta daidai, sannan masu sauƙi a sama. A ƙarshe a ɗora ɗan faifan robar nan da ake sayar da injin tare da shi, wanda a gidaje da yawa ya zama murfin bokiti ko abin wasan yara. Aikinsa shi ne hana safa ko ɗankwali tashi sama su faɗa tsakanin tukunya da bango. A mai ƙofa a gaba kuwa, kada a sa abu mai nauyi guda ɗaya tal. A haɗa bargo da tawul biyu ko uku don nauyi ya rarrabu. Wasu injunan sukan tsaya da kansu su nuna alama a fuskarsu. A injunan LG, misali, UE na nufin kaya sun karkata.

Sai ƙasan da inji yake tsaye a kai. Daɓen tsakar gida da ya zaizaye, ko simintin da aka karkata don ruwa ya bi rariya, duk suna sa ƙafa ɗaya ta rataya. Ka dafa kusurwa biyu masu kallon juna ka girgiza. In ya yi rawa, a daidaita ƙafafun, domin na mai ƙofa a gaba murɗa su ake yi su yi tsawo ko su gajarta, ko kuma a shimfiɗa masa katako mai kauri a wuri mai tauri.

Akwai kuskure ɗaya da sabon inji mai ƙofa a gaba yake jawowa. Daga kamfani yake zuwa da dogayen kusoshi, uku ko huɗu, a bayansa, waɗanda suka ɗaure tukunya don kada ta yi ta kaɗawa a hanya. Dole a kwance su da sifana kafin wankin farko. In aka bar su, sifirin da shakazoba ba su da aiki, duk girgizar sai ta koma jikin inji, ya yi ta tsalle. A adana kusoshin nan, a mayar da su duk ranar da za a sake ɗora injin a mota.

In an gyara kaya, an daidaita ƙafa, kuma bugun bai daina ba ko da ganga babu komai a ciki, to maganar ta koma kan kayan inji. A mai ƙofa a gaba, sa hannu ka danna ganga ƙasa da ƙarfi ka saki. Mai lafiya takan dawo sau ɗaya ta tsaya. In ta ci gaba da lilo, shakazoba sun mutu, kuma tare ake canza su, ba ɗaya a bar ɗaya ba. Notin da ke riƙe da kankare ma yakan saki, sai ka ji bugu mai nauyi daga sama. A mai tukunya biyu, ka leƙa tukunyar matsa: in ta jingina gefe guda alhali babu kaya, ɗaya daga sifirin ɗin ƙasa ya karye ko tsatsa ta cinye shi.

Tsuwa: ƙiiii

Tsuwa mai kaifi da ke tashi daidai lokacin da faifai zai fara juyawa, ko zai sauya hannu, kusan kullum bel ne. Ya saki ko ya suɗe, moto yana gudu shi kuma yana zamewa, wani lokaci har da warin ƙonanniyar roba. Za ka lura kukan ya fi yawa idan kaya sun yi yawa. A zare waya daga soket, a buɗe marfin baya, a danna tsakiyar bel da yatsa. Mai kyau yakan lotsa kamar faɗin yatsa guda; in ya wuce haka sosai, ko gefensa ya yi sheƙi, ko ya tsattsage, ya gama aiki. Akwai lamba a rubuce a jikinsa. Ka kwafe ta, ko ka ba mai zuwa Sakkwato tsohon bel ɗin ya tafi da shi.

Ina roƙonku da abu ɗaya a nan: kada a zuba wa bel baƙin mai ko man gyaɗa don ya yi shiru. Da kamu bel yake aiki. Mai yana ƙara masa santsi, yana kuma lalata robar, ga ƙurar hunturu da za ta manne a kai. Kada kuma a ɗaure shi tamau kamar tsirkiyar baka, don hakan yana cin boris ɗin moto.

Gajeriyar tsuwa da ake ji idan an ɗaga murfin tukunyar matsa, birki ne yake aikinsa, ba laifi. Abin dubawa shi ne idan murfi yana rufe amma ana jin goga, tukunya kuma ta kasa ɗaukar gudu. Wata siririyar waya ce ke sakin birki idan an rufe murfi, to ta saki ko ta tsinke. In kuwa an ɗaga murfi tukunya ta ci gaba da gudu na tsawon lokaci, birkin ya cinye, kuma wannan haɗari ne ga hannu. A gyara shi kafin a bar yaro ya matso kusa.

Gurza: kukan da ake tsayar da inji dominsa

Gurza iri biyu ce, kuma bambanta su shi ne babban abin da nake so ku fita da shi daga wannan darasi.

Ta farko ita ce ta baƙon abu. Takan zo kwatsam, jiya babu yau akwai, kuma kukan karce gare ta: ƙaras-ƙaras, ko ƙwas-ƙwas sau ɗaya a kowane zagaye. Aljihunmu ne tushenta. Ƙusa, fil, makulli, ƙwallon dabino, 'ya'yan carbi, kai har da silallan sefa, tun da masu harkar Maraɗi ba sa rabuwa da su. Ga kuma yashi. Ruwan rijiya da na gulbi yakan zo da rairayi, kayan gona da na fadama kuma su ƙara nasu, duk su taru a ƙarƙashin faifai suna goga kamar dutsen niƙa. A mai ƙofa a gaba, in gurzar tana zuwa ne lokacin zubar da ruwa kawai, abin yana cikin famfon fitar da ruwa. Akwai 'yar ƙofa a ƙasa ta gaba. A tara faranti da tsumma, a murɗe matatar a hankali don ruwa zai biyo, a ciro abin da ya shiga.

Ta biyu ita ce ta boris. Ita ba ta zuwa rana ɗaya. Takan fara kamar ƙugin iska daga nesa, lokacin matsa kawai, mako bayan mako tana ƙaruwa, har ta zama ruri kamar tirela tana wucewa. Tana tashi da tashin gudu, tana sauka da saukarsa. Asalinta ruwa ne. Sandar da ke riƙe da ganga tana ratsa bayan tukunya ta cikin boris biyu, kuma a gabansu akwai zoben roba, wanda makanikai ke kira sil, mai hana ruwa wucewa. Yashi da tsufa da yawan lodi su ke cinye robar. Ruwan sabulu ya shiga ya wanke giris, tsatsa ta kama ƙwallayen ƙarfe, sai su fara niƙa mazauninsu.

Gwajinsa ba ya buƙatar wuta. A zare waya, a fitar da kaya, a juya ganga da hannu. Mai lafiya shiru take tafiya, sumul. Mai ciwo za ka ji gurr-gurr, har ka ji shi a tafin hannu. Sannan ka kama leɓen ganga ta sama ka ɗaga: in ta motsa ita kaɗai, tukunyar waje ba ta bi ta ba, akwai wasa a sanda. Shaida ta uku tana baya, wato jan zanen tsatsa da ya gangaro daga tsakiyar tukunya, ko ɗigon ruwa mai launin ƙasa a daɓe.

Wanda ya tsaya a nan zai sayi boris biyu da sil ɗaya, ya biya kuɗin aiki. Lallai a canza sil tare da su, in ba haka ba sababbin ma ruwa zai cinye su. Wanda ya ce bari a ƙarasa wankin sallah tukuna, sanda za ta cinye, ƙarfen nan mai hannu uku da ke riƙe da ganga ta baya yana iya karyewa, ganga ta fara gogar tukunya har ta huda ta. A lokacin kuɗin gyara ya kusa kuɗin wani injin. Ku sani kuma wasu injunan an liƙe tukunyarsu ba ta buɗuwa, sai dai a canza ta gaba ɗaya. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa mai sayarwa kafin a biya kuɗin na hannu, tare da juya gangar da hannu a gabansa.

Mu bi misali ɗaya

Mu ɗauki wata uwar gida a Isa mai inji mai tukunya biyu. Ta kira ƙanen mijinta, wanda ke gyaran janareta, ta ce: "Malam, zo ka ji min injin ga. Tun shekaranjiya yake gurza, ina tsoron ko moto ne ya ƙone."

Bai taɓa komai ba sai da ya tambaya: "Yaya, wane gefe ne, na wanki ko na matsa?" Ta ce na wanki. "Da kaya ko babu kaya?" Ta ce ba ta gwada ba kaya ba. Sai ya zuba ruwa bokiti biyu, ya kunna babu tufa. Faifai yana juyawa dama da hagu da ƙarfinsa, amma da ƙaras-ƙaras. Tun da yana juyawa da ƙarfi, moto lafiya lau. Babu tsuwa, babu warin roba, bel ya fita daga zargi. Kukan kuma kwana biyu da suka wuce ya fara, lokaci guda, wanda ba halin boris ba ne. Ya tambayi abin da aka wanke ranar, ta ce kayan yaran da suka dawo daga fadama.

Ya zare waya, ya zubar da ruwa, ya kwance sukurun da ke tsakiyar faifai, ya ɗago shi. A ƙarƙashi ya tarar da yashi kusan cikin tafi, da ƙusa guda da ta fara zana gindin tukunya. Ya kwashe, ya ɗauraye. Kafin ya mayar sai ya kama sandar giyabos ya girgiza ta, ya juya ta: ba ta wasa, ba ta kuka, kuma babu ɗigon ruwa ta ƙasa. Da ta yi wasa, da giyabos ɗin ne, wanda yawanci sabo ake sawa a madadinsa. Ya duba haƙoran cikin faifai inda yake kama sanda, ya ga ba su suɗe ba; da sun suɗe, da moto zai yi ta gudu, faifai yana ƙat-ƙat ba ya jan kaya. Ya ɗaure, ya kunna, inji ya yi shiru. Shawarar da ya bar mata ita ce a bar ruwan rijiya ya kwanta a baho kafin a zuba, a kakkaɓe kayan gona a ɗauraye su sau ɗaya a bokiti, a kuma lalube kowane aljihu.

Saura kuka guda da za ku ci karo da shi saboda yanayin wutarmu. Inji ya yi gunji, hmmm, amma bai juya ba. Waɗannan injuna don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240 aka yi su. In wutar ta yi ƙasa, ko ƙaramin janareta ya gaza, moto ba zai iya tashi ba. In wuta lafiya take, sai a zargi kafasito, ko wani abu da ya maƙale ya hana juyawa. Ko wanne ne, a kashe nan take, domin moton da ke gunji a tsaye zafi yake ɗauka har wayoyinsa su ƙone. Kafasito yana riƙe wuta ko bayan an zare waya, don haka canza shi aikin mai gyara ne.

Aikin yi kafin haɗuwa ta gaba

1. Ka samu injin wanki, naka ko na maƙwabci ko na shagon wanki da guga. Da waya a zare, ka juya ganga ko tukunyar matsa da hannu, ka rubuta abin da ka ji da kunne da abin da ka ji a hannu.
2. Inji mai ƙofa a gaba yana wanki shiru, amma wata biyu ke nan yana ƙugi lokacin matsa, kuma ƙugin ƙaruwa yake yi. Me kake zargi, kuma wane gwaji uku za ka yi?
3. Wani ya ce injinsa yana tsuwa, zai zuba wa bel mai. Ka rubuta amsar da za ka ba shi cikin jimla uku.
4. Ka ɗauki kukan wani inji a wayarka, daga farkon matsa har tsayawarsa, ka zo da shi aji mu saurara tare.